Waya ta fita daga hoto, amma ciyawa ta tona asiri

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Tudun Wadan Zariya. Na ɗauki amarya da ƙawayenta a kan ciyawa, sai da na dawo gida na ga wayar janareta ta ratsa gabansu, ga ledojin fiya wata guda uku. Na goge su da Clone Stamp a tsohon Photoshop ɗin da ke kwamfutata, amma wurin ya fito kamar atamfa, zane ɗaya yana ta maimaita kansa. Abokina ya ce in biya kuɗin sabon Photoshop na wata-wata, wani kuma ya ce allon zane mai alƙalami zan saya. Kuɗina na abu ɗaya ne. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, ɗan'uwa. Abin da kake buƙata yana cikin kwamfutarka tuni. Healing Brush ya shigo Photoshop tun 2002, akwatin Clone Source ya zo a 2007 tare da CS3, Content-Aware Fill kuma a 2010 tare da CS5. Idan naka bai girmi waɗannan ba, kayan aikinka sun cika. Sabuwar manhaja ma atamfar za ta fitar maka muddin hannunka bai sauya ba.

Bari mu fara da abin da ido yake kamawa. Wanda ya kalli ciyawa a hoto ba ya ƙirga ganyenta. Abin da ke tsaya masa a ido shi ne duk wani abu da ya fita daban: busasshen kara guda ɗaya, ɗan wurin da jar ƙasa ta leƙo, farar tsakuwa, ganyen darbejiya da ya faɗo. Ni ina kiransu shaidu. Ka kwafi ciyawa sau goma ba wanda zai sani, amma ka kwafi shaida ɗaya sau biyu kawai, ko yaro ya gane an taɓa wurin. In kuwa ta fito sau uku a jere da tazara iri ɗaya, to ka saƙa atamfa.

Yadda jerin yake samuwa kuwa abu ne mai sauƙi. Clone Stamp ba ya ƙirƙirar komai, kwafi yake yi sak daga inda ka danna Alt zuwa inda kake shafawa. A saman allo akwai wani ɗan akwati mai suna Aligned. Idan yana kunne, tazarar da ke tsakanin wurin ɗiba da wurin zubawa ba ta canzawa. A ce ka ɗebo daga fiksel 40 a bayan burushinka, ka shafa, ka ɗaga hannu, ka matsa gaba ka sake shafawa. A karo na biyu abin da ka zuba ɗazu shi kake ɗiba. Haka busasshen karan nan zai riƙa fitowa duk bayan fiksel 40 har ƙarshen wayar. Idan kuma ka kashe Aligned, duk lokacin da ka ɗaga hannu burushi yana komawa wurin ɗiba na farko, sai ka buga tulin ciyawa guda ko'ina kamar hatimin ofis. Ko a kunne ko a kashe, laifin ɗaya ne: ɗiba ɗaya, shafa da yawa.

Da yawa daga cikinmu in sun ga haka sai su nemi ɓoyewa. Su sassauta bakin burushi ya yi laushi, su rage Opacity zuwa rabi, su yi ta shafawa a kai. Maimaicin yakan ɓace, gaskiya ne, amma wani abu ya maye gurbinsa. Ganyen wuri biyu ko uku sun hau kan juna, kowane yana leƙowa ta cikin ɗan'uwansa, wurin ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin kamara man kaɗe. Hanya mai santsi a tsakiyar ciyawa mai kaifi ta fi wayar kanta muni, domin waya dai kowa ya san waya ce.

Zan ba ka yadda na yi wani aiki irin naka, ka gwada da hotonka. Walima ce a wani gida a Samaru, ƙarshen damina, ciyawa ta yi kore sosai. Hoton fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsayi. Baƙar wayar lasifika ta taso daga kusurwar hagu ta ƙasa, ta yi kwana ta wuce bayan kujerar ango. Kusa da kamara kaurinta ya kai fiksel 14, can baya kuma bai wuce 5 ba. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ni na ga wayar tun kafin in danna, na ce ai na gyara a gida.

Na fara da buɗe sabuwar leya da Ctrl+Shift+N, na sa Sample a kan Current & Below. Amfanin wannan, duk facin da na yi yana zaune shi kaɗai a kan leyarsa, in wani ya ɓaci in share shi ba tare da na taɓa ainihin hoton ba. Na zuƙo hoton zuwa 100% da Ctrl+1. Burushi na sa shi fiksel 30 a ɓangaren da ke kusa, wato kamar ninki biyu na kaurin wayar, Opacity a 100%, Hardness wajen 60%. Dalilin ninki biyun shi ne waya ba ita kaɗai take ba. Tana da siririyar inuwa a gefe ɗaya, kuma ciyawar da ta danne ta kwanta. Wanda ya goge baƙin layin kawai ya bar inuwar, har yanzu za a ga sawun waya kamar maciji ya ja ciki.

Ban bi wayar daga farko zuwa ƙarshe ba. Yanka ta na yi gunduwa-gunduwa. Na goge ɗan guntu a nan, na tsallake kamar faɗin burushi uku, na goge wani, na sake tsallakewa, har wayar ta zama ɗigo-ɗigo. Kowane guntu daga wuri dabam na ɗebo masa, wani daga hagu, wani daga dama, wani daga can ƙarshen gefe. Sannan na dawo na cike giɓin da ya rage, shi ma daga sababbin wurare. Ba na wuce danna biyu ko uku ban sake riƙe Alt na ɗebo sabo ba. Yatsan hagu ba ya barin Alt ke nan har a gama. Da wannan tsallaken babu yadda za a yi faci biyu maƙwabta su fito daga uwa ɗaya.

Wurin ɗiba shi ne inda mutane suka fi faɗuwa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Ka ɗebo daga hagu ko dama, a kan layi ɗaya da wurin da kake gyarawa. Kada ka ɗebo daga sama ko ƙasa sosai. A hoton fili, ƙasan hoto yana kusa da kamara, samansa yana nesa. Ciyawar kusa manya ce, ta nesa ƙanana. Ga kuma batun kaifi: idan ka buɗe idon kamara, a ce f/2.8 domin bayan amarya ya yi laushi, ɗan siririn yanki ne kawai na ciyawar yake da kaifi, gabansa da bayansa duk sun narke. Ka ɗauko mai kaifi ka dasa cikin mai laushi, facin zai yi tsalle ya fito. Ciyawar da ke kan layi ɗaya daga hagu zuwa dama kuwa nisanta da kamara kusan ɗaya ne, girmanta ɗaya, kaifinta ɗaya. Saboda haka nan ne ma na riƙa rage burushin da maɓallin [ yayin da wayar ke yin nisa, har na sauko fiksel 12 a bayan kujera.

Kafin ka danna Alt, duba wurin da kyau: akwai shaida a ciki? In akwai, matsa. Ka nemi ciyawar da ba ta da wani labari, wadda ko ka kalle ta ba za ka tuna ta ba. Ka kuma duba haske. Ciyawar da ke ƙarƙashin inuwar bishiya launinta ya fi sanyi, ta rana ta fi ɗaukar rawaya. Ko a fili ɗaya ne, faci daga wannan zuwa wancan ba ya zama.

A hoton nan na haɗu da matsala guda. Gefen dama duk ƙafafun mutane ne, tsabtatacciyar ciyawar da nake da ita a layin gaba ba ta fi tafin hannu ba. Dole in yi ta ɗiba daga wuri guda. A nan akwatin Clone Source ya cece ni, yana ƙarƙashin Window. Yana riƙe wuraren ɗiba har biyar, kuma yana bari ka juya abin da ka ɗebo. Na kifa shi hagu ya koma dama, na karkata shi digiri 5 ko 6, wani lokaci na ƙara girmansa zuwa 105%. Tulin ciyawa ɗaya in an kifa shi an ɗan karkata shi, ido ba ya gane ɗan'uwansa ne. Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka kifa sama ta koma ƙasa, ciyawa ba ta tsirowa da ka. Kuma idan rana ta faɗo daga gefe, kamar da la'asar, kifawa hagu zuwa dama tana juya inuwa ta fuskanci rana. A ranar da gari ya yi lumshi ko hazo ya rufe rana ba komai, amma in inuwa tana da ƙarfi ka bar kifawa, ka tsaya ga karkatawa kaɗan.

Ledojin fiya wata sun fi waya faɗi, kuma kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki babban burushi a rufe leda da bugu ɗaya. Bugu ɗaya babba yana ɗauko shaidu da yawa tare. Ka ci ledar daga gefe-gefe zuwa tsakiya da ƙaramin burushi, daga wurare huɗu ko biyar. In kana so ka rage aiki, koma kan kwafin leyar hoton, ba leyar faci ba, ka zagaye ta da Lasso, ka bar ɗan rata ya haɗa da inuwarta, ka bar Content-Aware Fill ya yi zubin farko. Amma ka ɗauke shi a matsayin yaɓen farko kawai. Shi ma daga cikin hoton yake tsinto guntaye, kuma yakan ɗauko tuli ɗaya sau biyu, wani lokacin har da bakin takalmin wani. Kai za ka bi bayansa ka kashe tagwayen da ya haifa.

Aikin bai ƙare ba sai ka yi bincike, kuma ba a zuƙe ake binciken ba. Maimaici ba ya nuna kansa in hancinka yana kan ciyawa. Danna Ctrl+0 hoton ya koma daidai allo, ka ma ƙara rage shi ya zama kamar girman da za a gani a waya, ka ɗan runtse ido. Layi ko jeri zai taso da kansa. Bayan haka ka kifa hoton gaba ɗaya ta Image > Image Rotation > Flip Canvas Horizontal. Idonka ya riga ya saba da hoton, kifawar tana sa ya gan shi kamar baƙo. Na uku, ɗora leyar Curves ta wucin gadi, ka ja ta har haske da duhu su yi tsanani fiye da kima. Duk facin da haskensa bai dace ba zai fito kamar tabon mai a farar riga. Ka gyara, ka share leyar, ka sake kifa hoton ya koma yadda yake. A hoton Samaru wannan binciken ya nuna mini wani ganye mai lanƙwasa ya fito sau uku. Ban sake aikin ba, biyu daga ciki na rufe da danna ɗaya-ɗaya, na bar na asalin. Duka aikin ya ci mini kusan minti ashirin da biyar, abin da zan iya yi da ƙafa cikin daƙiƙa goma a wurin walimar.

Batun saye kuma, ga ra'ayina. Idan da ɗan faifan taɓawa na laftof kake wannan aiki, je ka sayi maus mai waya, mai arha ma ya isa, za ka same shi a shagunan kwamfuta na PZ ko Sabon Gari. Wannan shi ne sayen da zai fi canza aikinka. Allon zane yana da daɗi ga wanda ke gyara hotuna da yawa kullum, yana hutar da wuyan hannu, kuma yana taimakawa wajen gashi da fata. Sai dai aikin ciyawa danne-danne ne gajeru, ba jan layi ba, maus yana yin sa daidai, alƙalamin kuma sai ka yi kwanaki kafin hannu ya saba. Kuɗin wata-wata kuwa, daga cikin abin da zai ƙara maka a wannan aikin akwai ɗakin Content-Aware Fill da aka sabunta a 2018, inda kake iya shafe wuraren da ba ka so ya ɗiba. Yana rage lokaci, amma bai kai a ɗauki nauyin biya kowane wata saboda shi kaɗai ba. Wanda ba shi da Photoshop sam, GIMP kyauta ne, yana da Clone da Heal, sai dai shi Ctrl ake riƙewa wajen ɗiba.

"Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Kongo, ina sayar da takalma da jakunkuna, da waya nake ɗaukar hotunansu a kan yashi. Sawun ƙafata yana fitowa a gefe, in na goge da Snapseed wurin sai ya dame. Akwai manhajar da zan saya?"

Barka kadai, Malama. Healing na Snapseed shi yake zaɓar inda zai ɗebo, ba ke ba, shi ya sa in wurin ya yi faɗi sai ya jawo abin da ke kusa ya dama. Kafin ki biya ko sisi, ki gwada shi a zuƙe: ki buɗe hoton da yatsu biyu har sawun ya cika allo, ki riƙa taɓawa ɗigo-ɗigo maimakon ja. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar ga sawu ɗaya ko biyu. In bai yi ba, duk manhajar da za ki duba, tambaya ɗaya za ki yi mata: tana bari in nuna wurin ɗiba da kaina? TouchRetouch tana da Clone Stamp mai yin haka, ana biyanta. Photopea kyauta ce kuma a burauza take buɗewa, amma a ƙaramin allo tana da wahalar sarrafawa.

Yashi halinsa dabam da ciyawa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, ba su cika tona maimaici ba. Haske ne ke tona shi. Sawu rami ne, gefe ɗaya duhu, ɗaya gefen haske, ga ɗan tudun da ƙafa ta turo a bakinsa. Fili kuma yana sauya haske a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ko da ido bai lura ba. In kika kwafo yashi sak daga nesa, zai zauna kamar kwabo mai haske ko mai duhu. Don haka a yashi kayan Heal sun fi Clone, domin suna ɗauko ƙwayar yashin daga inda kika nuna, su daidaita haske da launi da wurin da aka zuba. Rauninsu bakin abu ne. In kika matso kusa da baƙin takalmi, za su jawo baƙin su shafa a yashi kamar hayaƙi. Kusa da kaya sai ki koma Clone da ƙaramin burushi, ki fara raba sawun da takalmin, sannan ki yi Heal a sauran. In yashin yana da 'yan layuka irin na iska ko na tsintsiya, ki tabbata layin da kika ɗebo ya haɗu da wanda ya tarar, kada ya karye.

Amma ke da kayanki ba sa motsi, me ya kai ki wahala? Ki ajiye takalmin, ki ja da baya kina share sawunki da tsintsiyar laushi ko guntun kwali, ki tsaya ta gefen da ba zai shiga hoto ba. Kuma rana in ta yi ƙasa, da sassafe ko dab da magariba, tana zurfafa kowane rami. A inuwa ko da hantsi sawun ba ya fitowa da ƙarfi haka.

"Malam, tsakar gidan da na yi hoton suna a Gyallesu tsakuwa ce. Na cire murfin kwalba da bawon lemo, amma duwatsun wurin sun zama rabi-rabi."

Burushinka ya yi laushi, kuma zagayayye ne, dutse kuwa yana da baki. Tsakuwa ita ce mafi wuya cikin ukun, domin kowane dutse shaida ne, da siffarsa da inuwarsa. A nan ka ɗaga Hardness zuwa 80% ko fiye, ko ma ka ajiye burushin. Ɗauki Lasso ka zagaye duwatsu uku ko huɗu cikakku daga layi ɗaya da wurin, kana bin duhun da ke tsakaninsu, kada ka ratsa ta kan ko ɗaya. Sa Feather fiksel 1 ta Select > Modify > Feather, kana kan leyar hoton ka danna Ctrl+J su hau leyarsu, ka ja su kan murfin kwalbar. Da Ctrl+T ka ɗan karkata su kaɗan, kana lura inuwarsu ta ci gaba da faɗuwa gefen da sauran suke faɗuwa. Inda bakin facin ya hau kan wani dutse, share shi har ɗinkin ya faɗa cikin duhun tsakani, nan ne ido ba ya bincike. Ka zaɓi duwatsu masu launin gama-gari. Idan akwai fari tas ko ja guda ɗaya a cikin waɗanda ka ɗebo, rufe shi da wani, domin tagwayensa yana nan kusa yana jira.

In kuma hoton ta WhatsApp aka turo maka, ka nemi na asali, a turo shi ta Document. Wanda aka matse ya riga ya dame tsakuwar tun kafin ka taɓa, duhun tsakanin duwatsun da za ka bi ma ba za ka same shi ba.